Wata huɗu tsakanin dala 48 da 54: ciniki a cikin keji, da ranar da kejin ya ɓalle

Hannun jarin wani kamfani ne da na daɗe ina bibiya. Ya gangaro daga dala 62 cikin 'yan makonni, ya iso 48, sai ya tsaya. Ya tashi zuwa 54, ya dawo 48 da 'yan kai, ya sake tashi har kusa da 54, ya sake juyowa. Mako shida ina kallonsa ban taɓa shi ba, kuma wannan jiran yana cikin aikin. Faɗuwa ɗaya da tashi ɗaya ba su isa a ce farashi ya shiga keji ba, domin kowace gangara takan ɗan huta a hanya kafin ta ci gaba. Sai da na ga ya taɓa ƙasa sau biyu an tare shi, ya taɓa sama sau biyu an mayar da shi, sannan na yarda akwai masu saye da ke jira a wuri guda da masu sayarwa da ke jira a wani wurin.

Iyakar ƙasa ina kiranta daɓe, ta sama kuma rufi. Ko da yake a kan jadawali layi muke ja, a zahiri kowannensu yanki ne mai ɗan faɗi. A karon farko farashi ya tsaya a 48.00, a karo na biyu ya tsaya a 48.60, saboda haka daɓen nawa daga 48.00 ne zuwa 48.60. Rufin kuma daga 53.60 zuwa 54.20. Wanda ya ja siririn layi guda a kan 48.00 ya ce sai nan zai saya, sau da yawa farashi zai juya a gabansa bai samu komai ba. Jadawalin kwana-kwana nake amfani da shi, wato kowane kyandir, zanen da ke nuna inda farashi ya buɗe, inda ya rufe da iyakar inda ya kai sama da ƙasa, rana guda ce ta ciniki.

Kafin in sa kuɗi, abu biyu na auna. Na farko faɗin kejin idan an gwada shi da motsin da farashin ke yi a rana. Ma'aunin da ake kira ATR, wanda J. Welles Wilder ya fito da shi a 1978, yana nuna matsakaicin nisan da farashi ke yawo a rana, yawanci a kan kwana 14 na baya. A wannan hannun jarin ATR ɗin 1.10 ne. Faɗin kejin kuwa 6.20, daga 48.00 zuwa 54.20, kusan ninki biyar da rabi na motsin rana. Wannan ya gamsar da ni. Da a ce faɗin ninki biyu ne kawai, da na bar shi, domin a irin wannan ƙunci kuɗin dillali da ratar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa su ne za su cinye ribar, kuma motsin rana guda na yau da kullum zai iya fitar da kai. Na biyu na duba ADX, shi ma na Wilder ne, yana auna ƙarfin tafiyar farashi ba tare da kula da inda ya nufa ba. Yana ƙasa da 20, abin da aka saba ɗauka a matsayin kasuwa marar alkibla. Ban ɗora masa nauyi sosai ba, ya dai tabbatar da abin da ido ya riga ya gani.

Sai na rubuta tsari a takarda, kuma abin da ya fi muhimmanci a cikinsa shi ne amsar tambaya guda: me zan gani in san kejin ya mutu? Na rubuta cewa idan rana ta rufe sama da rufi da nisan rabin ATR, wato sama da 54.75, to ya ɓalle ta sama. Idan ta rufe ƙasa da daɓe da wannan nisan, wato ƙasa da 47.45, ya ɓalle ta ƙasa, kuma a ranar zan soke duk odar saye da na bari. Farashin rufewa na zaɓa da gangan. A tsakiyar rana farashi yakan leƙa waje ya dawo, amma inda ya kwana yana nuna inda masu kuɗi suka yarda su bar dukiyarsu har gobe.

Jarina dala 10,000 ne, kuma ba na yarda ciniki guda ya ci mini fiye da kashi 1 cikin 100, wato dala 100. Saye kawai nake yi. Idan farashi ya kai rufi ina sayar da abin da ke hannuna ne, ba na sayar da abin da ban mallaka ba da fatan ya faɗi.

Ciniki na farko, da dalilin gujewa tsakiya

Na sa odar Buy Limit, wato umarnin a saya mini idan farashi ya sauko wurin da na rubuta, a 48.70, ɗan sama da yankin daɓe, domin in samu shiga ko da farashin bai gangara can ƙasa ba. Odar Stop Loss, mai sayar da kaya da kanta idan farashi ya faɗi zuwa wurin da aka rubuta, wadda nake kira birki, na ajiye ta a 47.30, nisan 0.70 ƙasa da 48.00. Ba a manna birki a jikin daɓe, saboda nan ne kowa yake ajiye nasa, kuma ɗan motsi kaɗan zai share su duka. Tazarar da ke tsakanin shiga da birki 1.40 ce a kowane hannun jari. Idan aka raba dala 100 da 1.40 za a samu 71, sai na sayi 70. Kuɗin da na zuba ya kai dala 3,409, amma abin da na sa a haɗari 98 ne kawai. Odar sayarwa na ajiye ta a 53.40, ɗan ƙasa da rufi, bisa dalilin da ya sa na ɗaga odar saye sama da daɓe: gara in bar ɗan abin da ke ƙarshe da in tsaya ina kallon farashi ya juya kafin ya iso ni.

A nan ne duk hikimar wannan ciniki take, kuma lissafi ne mai sauƙi. Daga 48.70, abin da zan iya rasawa 1.40 ne, abin da nake nema 4.70. Da irin wannan rabo, ko da sau ɗaya na ci cikin huɗu, ban taɓa uwar kuɗi ba, domin kashi 23 cikin 100 na nasara ya isa a tashi babu riba babu asara, kafin a cire kuɗin dillali. To ɗauki wanda ya sayi hannun jarin nan a tsakiyar keji, a 51. Birkinsa dole ya zauna inda nawa yake, a 47.30, tunda babu wani wuri mai ma'ana a tsakani. Shi yana iya rasa 3.70 yana neman 2.40. Sai ya ci kusan sau 61 cikin 100 kafin ya tashi babu riba babu asara. Kamfani ɗaya, keji ɗaya, hasashe ɗaya, amma wurin shiga ya mayar da ciniki mai kyau ya zama mugun ciniki. Abin da ya sa nake ganin tsakiyar keji wuri ne na zama da kallo ke nan.

Odar ta cika, farashi ya ɗan yi jinkiri kwana uku, sannan ya haura. Ranar ciniki ta goma sha ɗaya ya taɓa 53.40, aka sayar mini. Riba dala 329.

Zagaye na gaba ban samu komai ba. Farashi ya sauko zuwa 49.60 ya juya, odata na nan a 48.70 tana jira. Na ji zafin abin, kuma da ya kai 50.50 hannuna ya yi ta ƙaiƙayi. Na bar shi. Ya tsaya a 52.80 bai ma kai rufi ba, ya sake gangarowa.

Ranar da birki ya kama

Wannan karon ya iso. Odar 70 ta cika a 48.70 da safe. Washegari aka buɗe kasuwa da rauni, farashi ya ratsa 48.00, ya ratsa 47.50, ya taɓa birkina. An sayar mini a 47.20 maimakon 47.30, domin birki idan ya kama yana zama odar sayarwa a kan duk farashin da ke akwai a lokacin, kuma a cikin turmutsutsu ba lallai ka samu lambar da ka rubuta ba. Asara dala 105. Farashin ya ƙara gangarawa zuwa 47.10, sannan ya juya da ƙarfi, ya rufe ranar a 48.30, a cikin keji. Kyandir ɗin ranar doguwar wutsiya gare shi a ƙasa, wato siririn layin da ke nuna inda farashi ya leƙa ya dawo, kuma yawan hannun jarin da aka yi ciniki a ranar ya ninka abin da aka saba.

Duk wanda ya taɓa fuskantar wannan ya san abin da zuciya ke raya wa mutum: da ban sa birki ba, da yanzu ina ciki. Na yi wannan tunanin, kuma na ɗauki lokaci ina auna shi da gaske, domin tambaya ce mai nauyi. Akwai hanya biyu. Ko ka bar birki a hannun dillali ya kama a tsakiyar rana, ko ka jira rufewar rana ka fita da hannunka. Ta biyun da ta cece ni a wannan ranar. Amma ranar da faɗuwar ta kasance ta gaske, mai jiran rufewa zai iya fita a 45, asararsa ta ninka abin da ya tsara har sau biyu da rabi. Ta farkon tana jawo ƙananan asara masu ciwo a kai a kai, ta biyun tana kawo babbar asara jefi-jefi. Ni na zaɓi in san iyakar abin da zan rasa, kuma wannan dala 105 ita ce kuɗin da ake biya a kan wannan zaɓin. Birkin ya yi abin da aka sa shi ya yi.

Abin da ya rage shi ne karanta ranar daidai. Bisa tsarina kejin bai mutu ba, tunda an rufe a 48.30, nesa da 47.45. Har ma ranar ta ƙara masa ƙarfi. Ƙasa da daɓe akwai tarin birkunan masu saye irina, akwai kuma odar waɗanda ke jiran ya ɓalle su sayar. Da farashi ya leƙa can, duk waɗannan suka zubo kasuwa a lokaci guda. Idan da gaske babu masu so, da wannan zubowar ta tura shi ƙasa sosai. Sai ga shi an samu waɗanda suka shanye ta duka, suka mayar da shi ciki kafin a tashi. Richard Wyckoff, wanda ya yi nazarin kasuwar hannun jari a farkon ƙarni na ashirin, ya mai da hankali sosai kan irin wannan leƙe na ƙarya a ƙasan keji, kuma masu bin tafarkinsa suna ɗaukarsa alamar cewa manyan masu saye suna tara kaya.

Na jira kwana ɗaya in ga ko zai riƙe. Ya riƙe, na sake saye a 48.90. Yanzu birki dole ya koma ƙasan wutsiyar, a 46.90, tazarar ta zama 2.00, saboda haka 50 kawai na saya. Birki mai nisa da kaya kaɗan, haɗarin na nan a dala 100. Mutane da yawa suna nisanta birki bayan an fitar da su amma su bar yawan kayan yadda yake, su ƙara wa kansu haɗari ba su sani ba. Na kuma ƙara layi guda a takardata: tunda an ga wannan alama, idan ya kai rufi zan sayar da 30, in riƙe 20 ko zai ɓalle ta sama, birkinsu a 50.80.

Halin kejin ya sauya

Cikin kwana tara ya kai 53.40, na sayar da 30, riba dala 135. Daga nan sai abin ya daina kama da zagayen baya. A da, da zarar ya taɓa rufi sai ya gangaro kwana biyar ko shida a jere. Wannan karon ya sauko 52.10 kawai ya koma sama. Ya sake saukowa, ya tsaya a 52.70. Kwana takwas yana manne a ƙarƙashin rufi, kyandirori sun ƙanƙance, ATR ya ragu zuwa 0.70. Ma'anar wannan a fili take: masu saye sun daina jiran araha, suna biyan farashi mai tsada kowane karo, masu sayarwa a rufi kuma kayansu na raguwa da kowace taɓawa. Ana yawan cewa iyaka tana ƙara ƙarfi gwargwadon yawan taɓa ta. Ni a ganina hakan gaskiya ne a farko kawai. Idan taɓawar ta zo a jere ba tare da farashi ya ja baya sosai ba, cinye odar da ke wurin ake yi.

Sai ga wata rana ya haura 54.20, ya kai 54.60, sannan ya faɗo ya rufe a 53.70. A nan na yi kuskure, kuma shi ne kuskuren da ya fi damuna a duk lamarin. Tsarina bai ce in yi komai a wannan ranar ba. Ba a rufe sama da 54.75 ba, birkin 50.80 kuma ba a kusance shi ba. Amma na ga doguwar wutsiya a sama, na tuna wadda ta fitar da ni a ƙasa, na ce wannan ita ce 'yar'uwarta, yanzu zai koma 48. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Na sayar da ragowar 20 a 53.70, na karɓi dala 96.

Da na zauna daga baya na duba, akwai bambanci da ya kamata in lura da shi. Leƙen ƙasa ya zo da ciniki mai yawa, kuma farashi ya nisanci wurin da sauri a kwanakin da suka biyo baya. Leƙen sama ya zo da ciniki na yau da kullum, kuma washegari farashi bai faɗi ba, ya zauna a 53.80 kamar ba abin da ya faru. Idan da masu sayarwa sun yi galaba da gaske, da ba su bar shi ya kwana a bakin ƙofa ba. Gaskiyar abin da ya sa na sayar kuwa ita ce sabo. Wata uku ina sayarwa a 53 da 'yan kai ina samun riba, har hannu ya saba, kuma ɗabi'ar da ke kawo kuɗi a cikin keji ita ce ke fitar da mutum daga kasuwa daf da lokacin da tafiya mai nisa za ta fara.

Wannan ba a ƙananan hannayen jari kawai yake faruwa ba. Zinariya ta kai kusan dala 2,075 kowane oza a watan Agusta na 2020, ta sake kusantar wurin a Maris na 2022 da Mayu na 2023, kowane karo ana mayar da ita. A ranar 4 ga Disamba 2023 ta haura 2,100 da safe, ta faɗo ƙasa da tsohon rufin kafin a tashi. Wanda ya ɗauki wannan ranar a matsayin hujjar cewa rufin ba zai taɓa ɓallewa ba, wata uku kawai ya yi yana da gaskiya. A Maris na 2024 ta ɓalle ta zauna a sama, kuma a Afrilu ta taɓa 2,400.

Ɓallewa

Kwana uku bayan na sayar, hannun jarin ya buɗe a 54.00, ya haura bai waiwayo ba, ya rufe a 55.30, kusa da ƙololuwar ranar. Cinikin ranar ya kai kusan ninki biyu na matsakaicin kwana 20. Sharaɗin da na rubuta tun farko ya cika, kejin ya mutu, ni kuma babu ko ɗaya a hannuna. Abu na farko da na yi shi ne soke odar saye ta 48.70. Idan farashin da ya ɓalle ta sama ya dawo har can, to wani abu ya lalace sosai, kuma ba na son tsohuwar oda ta saya mini shi ina barci.

Yanzu kuma sai tunani ya juye gaba ɗaya. Yankin da jiya nake sayarwa, yau shi ne wurin saye. Dalilin ba wani sirri ba ne. Waɗanda suka sayar a 54 suna nadama, irina, suna jiran ya dawo su sake shiga. Waɗanda suka yi caca a kan faɗuwarsa suna cikin asara, suna addu'ar ya dawo su fita ba tare da rauni ba, fitarsu kuma saye ce. Waɗanda ba su shiga ba suna ganin 54 araha ce yanzu. Duk waɗannan odar saye ce ke taruwa a tsohon rufi, shi ya sa yakan zama sabon daɓe.

Zaɓi biyu ne a gabana. In saya nan take a kusan 55.30, ko in jira ya dawo ya gwada tsohon rufin. A duka biyun birki wuri ɗaya yake, a 53.10, ƙasan yankin rufi, domin idan farashi ya koma can to ɓallewar ta ƙarya ce. Saye a 55.30 yana nufin tazarar 2.20 da hannun jari 45. Saye a 54.50 yana nufin tazarar 1.40 da hannun jari 70. Na biyun ya fi kyau a lissafi, amma yana da tsadarsa: ɓallewa mafi ƙarfi sau da yawa ba ta dawowa, sai ka tsaya da odarka farashi ya tafi. A nan ne na gane ainihin abin da sayar da waɗancan 20 ya jawo mini. Da suna hannuna, da na jira cikin natsuwa, ya dawo in ƙara, bai dawo ba ina da rabona. Da na rasa su, sai jiran ya zama ko duka ko babu.

Na zaɓi jira, da sharaɗin cewa idan kwana biyar suka wuce bai dawo ba zan soke odar in haƙura da wannan tafiyar. Rana ta huɗu ya sauko 54.35, odata ta cika a 54.50, ya rufe a 55.00, cinikin ranar kuma kaɗan ne. Ƙarancin ciniki a lokacin dawowa alama ce mai kyau, domin yana nuna ba gudu ake yi ba, masu ƙaramar riba ne kawai ke karɓar nasu. Ina so in faɗi a sarari cewa dawowar nan sa'a ce. Tsarin bai tilasta wa kasuwa komai ba.

Wajen sanya buri, abin da aka saba shi ne a ɗauki faɗin keji a ɗora a kan rufi: 54.20 da 6.20 sun ba da 60.40. Ƙiyasi ne kawai na inda tafiyar za ta iya kaiwa. Na sauke nawa zuwa 59.80, saboda lokacin gangarowa daga 62 farashin ya ɗan tsaya a wajen 60, kuma waɗanda suka saya a can suna jiran su dawo da kuɗinsu. Na kuma riƙa ɗaga birki, duk lokacin da farashi ya ja baya ya sake haurawa sai in mayar da shi ƙasan wannan ja da bayan: 54.60, sannan 56.00, sannan 57.20. Farashi ya kai 58.90, ya kasa wucewa kwana biyu, ya faɗo ya taɓa birki a 57.20. Riba 2.70 sau 70, dala 189. Burin 59.80 bai samu ba.

Da ya ɓalle ta ƙasa fa

Ba zan rufe lamarin ba tare da wannan gefen ba, domin shi ne ke karya masu wannan salon. A ce lokacin da nake riƙe da 70 a 48.70 kamfanin ya fitar da mummunan rahoton riba bayan an tashi kasuwa, washegari aka buɗe a 45.50. Birkin 47.30 ba zai samu wanda zai saya a 47.30 ba, a 45.50 za a sayar. Asarar ta zama 3.20 sau 70, dala 224, fiye da ninki biyu na abin da na tsara. Babu birkin da ke kare mutum daga irin wannan tsalle. Abin da ke hannunka shi ne ka duba ranar da kamfani zai fitar da rahotonsa, wadda akan sanar tun kafin lokaci, ka rage kaya ko ka fita kafin ta zo. Na duba kafin kowace shiga.

Abin da ya fi tsallen muni shi ne ƙara saye. Mutumin da ya ci riba sau uku a 48 yana ganin 46 araha ce ta musamman, sai ya cire birki ya ƙara, a 44 ya sake ƙarawa. Dalilin sayen nasa tun farko shi ne akwai masu tare farashi a 48. Da aka rufe ƙasa da 47.45 wannan dalilin ya tafi, kuma duk waɗanda suka saya a daɓe sun zama masu jiran farashi ya dawo 48 su sayar su tsira. Tsohon daɓe ya zama rufi a kansa. Riba uku ta dala 300 ba ta ɗaukar nauyin faɗuwa ɗaya daga 48 zuwa 40 da kaya ninki uku.

Lissafin ƙarshe: 329, a cire 105, a ƙara 135 da 96 da 189, ya ba da dala 644. Kuɗin dillali ya ci kusan 40, saura kimanin 600, kashi 6 cikin 100 na jarin a cikin wata huɗu. Wani zai ce wanda ya sayi 70 a 48.70 ranar farko ya riƙe har 57.20 ya samu 595 ba tare da wannan wahalar ba, kuma lissafinsa daidai ne. Sai dai don ya samu hakan dole ya zauna babu birki ranar da farashi ya taɓa 47.10, bai san ko 47 ce ƙarshe ko 40 ba. Ni a kowace rana cikin watannin nan na san iyakar abin da na shirya rasawa. Waɗancan 20 da na sayar da wuri sun rage mini dala 70 kawai a takarda, amma na gyara tsarin saboda su: rabon da aka ware don ɓallewa yanzu birkinsa ne kawai ke fitar da shi, kuma ina shigar da odar a manhajar dillali tun ranar da na ware shi.

Tun bayan fitata hannun jarin ya sauko 56.10, ya koma 58.70, yanzu yana wajen 57.40. Ƙasa sau ɗaya ya taɓa, sama sau biyu, faɗin kuma bai kai ninki uku na ATR ɗin yanzu ba. Ban ja layi ba tukuna.